Neman Ganawa a Rubuce: Yadda Za Ka Tsara Saƙo Har Amsarsa Ta Zama Layi Ɗaya

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawan fitowa daga bakin sakatarorin ƙungiyoyi, ƙananan ma'aikata, 'yan kasuwa da ɗaliban da ke neman zama da wanda ya fi su yawan hidima. Misali ɗaya za mu bi daga farko har ƙarshe: a ce sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a Kura yana son ganin jami'ar lamuni ta wani banki a Kano, don a ɗaga musu ranar biyan bashi.

1. Me ake nufi da saƙon da amsarsa layi ɗaya ce?

Saƙo ne da wanda aka tura wa zai karanta a tsaye, tsakanin baƙo da baƙo, ya rubuta "na biyu ya yi" ya ajiye wayarsa, kuma magana ta ƙare. Ba sai ya tambaye ka ko kai wane ne ba, ko a kan me, ko yaushe, ko zaman zai ɗauke shi tsawon wane lokaci. Duk waɗannan ka riga ka amsa su a cikin saƙon.

Ka kwatanta da abin da aka saba turawa: "Salam Hajiya, muna son mu zo mu gan ki, yaushe kike da lokaci?" Kafin Hajiya ta amsa wannan, sai ta tuna wace ƙungiya ce, ta yi tunanin abin da zai kawo ku, ta buɗe kalandarta ta duba mako guda, sannan ta zaɓo lokacin da ba ta ma san ko ya yi muku ba. Aiki huɗu ka ɗora mata, alhali kai ne mai buƙata. Abin da yawanci yake faruwa shi ne ta ce a ranta "zan duba an jima", wasu saƙonni su hau kan naka, shi ke nan. Ba wulaƙanci ba ne. Saƙon da ke buƙatar tunani ana ajiye shi, wanda ke buƙatar zaɓi kawai ana amsa shi nan take.

2. To me da me saƙon zai ƙunsa?

Gaisuwa da bayanin kanka a jimla ɗaya, abin da kake so a yanke, tsawon zaman da wurinsa, abubuwan da za a tattauna, lokuta uku masu lamba, sai kuma ka faɗi irin amsar da kake jira. Ga yadda sakataren namu zai rubuta ranar Alhamis 9 ga Oktoba:

> Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Ni ne sakataren ƙungiyar manoman shinkafa ta Kura, masu lamuni a reshenku. Muna roƙon minti 30 a ofishinki, ni da shugaban ƙungiya, don ki duba mana ko za a iya ɗaga biyan kashi na biyu daga Nuwamba zuwa Janairu. Abin da za mu kawo: adadin da ya rage a kanmu, dalilin neman ɗagawar da sabon jadawalin biya, sai takardun da za ku buƙata daga gare mu.
>
> 1. Talata 14 ga Oktoba, ƙarfe 10:00 na safe
> 2. Alhamis 16 ga Oktoba, ƙarfe 2:30 na rana
> 3. Laraba 22 ga Oktoba, ƙarfe 11:30 na safe
>
> Don Allah ki turo lambar wanda ya yi miki kawai. Idan babu wanda ya dace, ki sa mana naki lokacin kafin ƙarshen wata, za mu zo. Na gode.

Duka saƙon yana shiga fuskar waya ɗaya ko ya ɗan zarce kaɗan. Wannan shi ne ma'aunin da nake ba mutane: idan sai an ja sama sau biyu ko uku kafin a kai ga lokutan, saƙon ya yi tsawo, kuma abin da ya kamata a rage shi ne bayanin dalili, domin wurinsa cikin zaman ne. Sauran tambayoyin da ke ƙasa duk bayani ne a kan gaɓoɓin wannan saƙo.

3. Ba rashin kunya ba ne ƙarami ya yanka wa babba lokaci?

Wannan ce tambayar da ta fi hana mutane bin wannan tsari, kuma tana da tushe. Mun taso a kan cewa babba shi ke kira, ƙarami ya amsa. Amma ka duba saƙon da ke tambaya ta 2 da kyau: sakataren bai ce "za mu zo Talata" ba. Ya jera lokuta uku, ya bar mata zaɓi, sannan ya buɗe ƙofa ta huɗu da cewa in babu wanda ya dace ta sa nata. Hukuncin yana hannunta daga farko har ƙarshe. Abin da ya ɗauke mata shi ne wahalar lissafi.

Inda rashin ladabin yake shi ne a kalmomi. "Ki zaɓa" kai tsaye umarni ne, "don Allah ki turo lambar wanda ya yi miki" roƙo ne. Ga wanda ya girme ka sosai, ko mai sarauta, sai ka ƙara tausasa harshe: "Ranka ya daɗe, ga wasu lokuta da muka ga ko ɗaya zai dace da hidimominka, in kuma akwai wanda ya fi maka sauƙi, mu masu jiran umarni ne." Ma'anar ba ta canja ba, lambobin ma suna nan.

Akwai dai wuraren da ba a fara magana da irin wannan saƙo. Ba a neman ganin sarki ko hakimi ta hanyar tura masa jerin lokuta a waya, ta hannun wanda ke kula da shiga wurinsa ake bi, kuma shi za ka ba jerin (duba tambaya ta 12). Haka maganar aure, sulhu ko ta'aziyya, a nan zuwa da kai ya fi aike.

4. Gaisuwa fa? In fara da sallama in jira a amsa?

A'a. Ka yi gaisuwarka cikakkiya, amma a cikin saƙo ɗaya da buƙatar. Ɗabi'ar tura "Salam" ita kaɗai, a jira, sannan "ya aiki", a jira, sannan "ya iyali", ita ke mayar da maganar minti ɗaya ta zama ta kwana biyu. Wanda bai ajiye lambarka ba ma yana iya ƙin amsa sallamar da ba ta ɗauke da bayani, domin 'yan damfara ma da ita suke farawa. Jimla ɗaya ta gaisuwa, ko biyu idan akwai abin da ya dace a ambata kamar barka da dawowa daga Hajji ko jajen rashin lafiya, ta wadatar. Doguwar gaisuwa tana jiran ku a ranar zaman, kuma an ware mata lokacinta, kamar yadda yake a tambaya ta 8.

5. Me ya sa lokuta uku? Ɗaya ko biyar fa?

Lokaci ɗaya amsarsa "eh" ce ko "a'a", kuma in aka ce a'a ka koma farko. Ban da haka, lokaci ɗaya tak daga ƙarami zuwa babba yana kama da sammaci. Biyar ko shida kuwa sun mayar da mai karatu ga aikin da kake son ɗauke masa, sai ya zauna yana gwada kowanne da kalanda. Uku ana riƙe su a ka a kallo ɗaya. Biyu ma sun isa idan lamarin na gaggawa ne, yau ko gobe.

Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne yadda ka baza su. Idan duka ukun ranar Talata ne, kuma Hajiya tana Abuja ranar, duka sun faɗi tare. Idan duka da safe ne, kuma ita safiyarta ta masu jiran sa hannu ce, haka nan. Shi ya sa sakataren ya sa ɗaya da safe a farkon mako, ɗaya bayan azahar a ƙarshen mako, ɗaya kuma a mako na gaba, don ko tafiya ta yi, na ukun zai tsira. Ka kuma lura ya tura saƙon ranar Alhamis, lokaci na farko kuma Talata ne, wato ya bar kwanakin aiki biyu cikakku a tsakani. Wanda ya tura da daren Litinin yana neman safiyar Talata, a gaskiya lokuta biyu ya bayar.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne kada ka rubuta lokacin da ba za ka iya cikawa ba. Kafin ya tura, sakataren ya tabbatar shugaban ƙungiya yana nan a duka ranakun uku, kuma su biyun sun riƙe waɗannan sa'o'i ba su ba wani ba har amsa ta zo. Babu abin da ke zubar da mutuncin mai roƙo kamar a ce "na biyu ya yi", shi kuma ya dawo da "ayya, na biyun wani abu ya taso".

6. Yaya zan rubuta rana da lokaci don kada a samu saɓani?

Sunan rana, kwanan wata, sunan wata da haruffa, ƙarfe nawa, sannan "na safe", "na rana" ko "na yamma". Sunan rana da kwanan wata suna gadin juna: idan ka rubuta Talata 15 alhali 15 Laraba ce, mai karatu zai gani ya tambaya, ba zai zo a ranar da ba ita ba. Sai dai tambayar tasa ta riga ta ɓata maka amsar layi ɗaya, don haka ka duba kalanda kafin ka tura.

Ka guji "gobe", "jibi" da "gata", domin ba ka san ranar da za a buɗe saƙon ba. Ka guji "Laraba mai zuwa", wadda wani zai ɗauka ta wannan mako, wani ta sama. "Daren Juma'a" ma tarko ne, don a wurin mutane da yawa daren da ke wayewa Juma'a ake nufi, wato Alhamis da dare, wasu kuma su ɗauka Juma'ar ce bayan magariba. Ka guji rubuta kwanan wata da lambobi zalla irin 3/4, domin a Najeriya 3 ga Afrilu ne, a wurin Ba'amurke 4 ga Maris. Idan da mutumin Nijar kake magana, ka san shi 14h30 ya saba gani a takarda maimakon 2:30 na rana, kuma ba laifi ka rubuta duka biyun.

"Bayan la'asar" da "da hantsi" suna aiki tsakanin mutanen gari ɗaya da ke sallah a masallaci ɗaya. A ganawar ofis ba su isa ba, domin bayan la'asar na iya zama ƙarfe huɗu, yana iya zama biyar da rabi. Idan kana son ka nuna ka yi la'akari da sallah, haɗa su: "ƙarfe 4:30 na yamma, bayan la'asar".

7. Waɗanne lokuta ne bai kamata in sa a jerin ba?

Lokutan sallah tukuna. Zaman minti 30 da aka sa ƙarfe ɗaya da rabi a Kano zai ci karo da azahar a masallatai da yawa, wanda aka sa kusan ƙarfe huɗu kuma zai ci karo da la'asar. Ranar Juma'a daga tsakar rana kusan a cire ta gaba ɗaya, domin wasu masallatan suna tayarwa da wuri, wasu sai wajen ƙarfe biyu, kuma ba kowa ke komawa ofis ba. A watan azumi, safiya ce lokacin aiki, yamma ta tafsiri ce da shirin buɗa-baki.

Sauran ya danganta da sana'ar mutumin. Safiyar Litinin a ofisoshi da yawa ta taron shugabanni ce, shi ya sa babu ita a jerin sakataren. Akanta da ma'aikacin banki ƙarshen wata ne cunkosonsu. Dillalin dabbobi ba ka samunsa ranar Alhamis idan Maigatari yake ci, ko Juma'a idan Wudil yake ci. Malamin jami'a a makon jarrabawa ba shi da kansa. Idan ba ka san tsarin makon mutum ba, tambayi wanda ke aiki kusa da shi kafin ka zaɓi lokutan. Tambaya ɗaya ce, kuma ita ke sa ɗaya daga cikin ukun ya dace.

8. Ta yaya zan san tsawon lokacin da zan nema?

Daga ajanda ake lissafa shi, ba a fara da lamba sannan a cusa magana a ciki. Sakataren ya zauna ya ƙiyasta: minti biyar na gaisuwa da gabatar da shugaba, minti biyar na tabbatar da cewa adadin da ke littafin ƙungiya ya yi daidai da na banki, minti goma sha biyar na ainihin magana, wato farashin shanshera yakan faɗi a kaka lokacin da kowa ya kawo tasa kasuwa, don haka suna son su riƙe tasu zuwa Janairu su biya daga ciniki mai kyau, sai minti biyar na jin takardun da za a nema da ranar kawo su. Jimla minti 30. Da ya ga magana ta huɗu tana son shiga, wato neman sabon lamuni na noman rani, sai ya cire ta. Wannan wani zama ne daban, kuma haɗa ta da roƙon ɗaga biya zai raunana duka biyun.

Mutane kan rubuta "minti biyar kacal" don su samu shiga, su kuma zauna minti arba'in. Dabarar tana ci sau ɗaya. A karo na biyu mai ofis ya san minti biyar ɗinka, kuma ba zai sake ɗaukar lambar da ka rubuta da muhimmanci ba. A ɗaya ɓangaren, "awa ɗaya" da aka rubuta don al'ada kawai tana da wuyar samu a ranar mai hidima, alhali rabin awa tana shiga tsakanin alƙawura biyu. Ka nemi abin da lissafi ya ba ka, kuma idan lokacin ya cika kai ne za ka fara cewa "Hajiya, lokacin da muka roƙa ya cika". In tana son a ci gaba, ita za ta ce a ci gaba.

9. Ajanda ba ta manyan taruka ba ce? Me zan rubuta a zaman mutum uku?

Layi biyu ko uku ne kawai, amma su ke sa a amsa ba tare da fargaba ba. Babban mutum da aka ce masa "akwai maganar da nake son mu yi" yakan zaci roƙon kuɗi ne, ko neman aiki, ko ƙorafi, sai ya jinkirta. Da ya ga abin a fili, ya san nauyinsa.

Ka rubuta kowane abu a matsayin abin da za a yanke ko a tabbatar. "Batun lamuni" bai gaya wa Hajiya komai ba. "Ko za a iya ɗaga biyan kashi na biyu daga Nuwamba zuwa Janairu" ya gaya mata fayil ɗin da za ta ciro, da kuma ko ikon yanke wannan yana hannunta. Wannan na biyun yana da amfanin da mutane ba su cika lura da shi ba: tana iya amsawa da "wannan sai manaja, ku zo Alhamis yana nan", ko ma "ku rubuto takarda, ba sai kun zo ba". Duka biyun amsa ce ta layi ɗaya, kuma kowacce ta cece ku daga shiga mota daga Kura a banza.

Idan maganar ta sirri ce, kamar ƙorafi a kan ma'aikaci ko batun lafiya, kada ka zuba ta a saƙo, musamman wanda zai bi ta hannun wani. Ka faɗi nau'inta kawai: "wani lamari ne da ya shafi ma'aikatan sashenmu, na fi son in faɗa da baki". Takardu kuma, idan akwai, ka haɗa guda ɗaya mai shafi ɗaya, ka ce ba dole a karanta kafin a amsa ba. In ba haka ba, amsarka za ta jira sai an sami lokacin karatu.

10. Wuri ko hanyar ganawar, ni zan zaɓa ko in tambaya?

Kai za ka faɗa, kuma ka faɗi wanda ya fi masa sauƙi, galibi ofishinsa. Kada ka mai da shi zaɓi na biyu a cikin saƙon. Da ka rubuta "a ofis ko ta waya ko ta Zoom" a kan lokuta uku, amsar ba ta sake zama lamba ɗaya ba. Idan ta waya ce, ka faɗi wanda zai kira: "ni zan kira ki a wannan lambar". Sau da yawa ganawa ta waya tana rushewa ne domin kowa yana jiran ɗan'uwansa ya kira.

Idan ta bidiyo ce, ka san iyakar manhajar kafin ka rubuta tsawon zaman. Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, Google Meet na kyauta kuma bayan awa ɗaya idan mahalarta sun kai uku. Ka kuma rubuta mafita tun a saƙon tabbatarwa: in sabis ya ƙi, za a koma kiran waya na yau da kullum.

11. Wanda nake nema yana wata ƙasa. Agogon wa zan rubuta?

Nasa, sannan naka a gefe. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya ne, don haka tsakanin Kano, Maraɗi, Garwa da Njamena babu lissafi. Ghana tana baya da awa ɗaya, Sudan tana gaba da awa ɗaya, Saudiyya tana gaba da awa biyu. Ƙarfe 10 na safe a Kano, ƙarfe 9 ne a Kumasi, 11 a Khartum, 12 a Jidda. Sai ka rubuta: "Talata 14 ga Oktoba, ƙarfe 12:00 na rana agogon Jidda, 10:00 na safe agogon Kano".

Birtaniya ce mai ruɗarwa, domin tana sauya agogo. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Landan da Kano lokacinsu ɗaya. Sauran watannin Landan tana baya da awa ɗaya. Idan jerin lokutanka ya tsallake ƙarshen Oktoba ko ƙarshen Maris, ka lissafa kowanne daban. Ka kuma tuna a Saudiyya da Sudan Juma'a da Asabar ne hutun mako, Lahadi ranar aiki ce.

12. Idan ta hannun sakatare ko mataimaki zan bi fa?

A nan ma tsarin ya fi amfani, domin sakatare yana shiga wurin maigidansa da tarin abubuwa, kuma wanda zai iya faɗa a numfashi ɗaya shi yake fara gabatarwa: "Yallaɓai, mutanen Kura na neman rabin awa kan ɗaga biya, Talata, Alhamis ko Laraba ta sama." Ka rubuta saƙon yadda zai iya tura shi gaba ba tare da ya gyara komai ba, ka gaishe shi da girmamawar da ta dace da shi, ka kuma ba shi damar ya gyara lokutan, domin shi ya san kalandar fiye da mai ita. Kada ka tura wa maigida da sakatare saƙo ɗaya a lokaci ɗaya ba tare da kowannensu ya san ka tura wa ɗayan ba, don za ka iya samun amsa biyu mabambanta.

13. Mutum shida nake son haɗawa. Tsarin zai yi aiki?

Zai yi, amma da mataki biyu. Ka fara da wanda in babu shi babu zaman, ka sami lokuta biyu ko uku da suka yi masa, sannan ka kai wa sauran. A nan amsar da kake nema ta ɗan bambanta: "kowa ya turo lambobin duk waɗanda zai iya", domin idan kowa ya zaɓi ɗaya tak, za ka tashi da biyu a nan, biyu a can, babu rinjaye. A zauren WhatsApp akwai `Poll`, wato wurin kaɗa ƙuri'a, wanda ke ba da damar zaɓar amsa fiye da ɗaya. Ka sa wa'adi, ka kuma faɗi abin da zai faru bayansa: "zuwa Litinin da azahar zan ɗauki wanda ya fi rinjaye in sanar".

14. An amsa mini da "To, ba damuwa, Allah ya kai mu". Wanne aka zaɓa?

Babu ko ɗaya tukuna. An yarda da zaman, ba a tsayar da rana ba, kuma kuskure ne ka ɗauka na farko ake nufi ka kama hanya. Kada kuma ka sake tura jerin gaba ɗaya, kamar kana cewa ba a karanta ba. Ka ɗauki ɗaya da kanka ka mayar da tambayar ta zama ta eh ko a'a: "Amin, na gode Hajiya. To mu zo Talata 14, ƙarfe 10:00 na safe?" Yawanci "eh" ko "a bari sai Alhamis" ce za ta biyo.

"In sha Allah" da ta zo tare da lamba ko rana, kamar "na biyu in sha Allah", cikakkiyar amsa ce, kada ka nemi ƙarin tabbaci a kanta. Wadda ta zo ita kaɗai ce ke buƙatar wannan tambaya ta biyu. Idan ka yi ta sau biyu ana ba ka amsa mai daɗi marar rana, to ka karanta abin da ake gaya maka: ko ba a shirya ganinka ba, ko maganar ba ta hannunsa ba ce. A nan sai ka tambaya a fili ko akwai wanda ya fi dacewa ka gani.

15. Shiru kawai na ji. Yaushe zan sake tuntuɓa, kuma da me?

Bayan kwanakin aiki biyu, ko kwana ɗaya kafin lokaci na farko, duk wanda ya riga zuwa. Sakataren da ya tura Alhamis zai tuna wa Hajiya da safiyar Litinin, a ƙarƙashin saƙon farko don ta gan su tare, da jimla ɗaya: "Barka da safiya Hajiya, ina tuni kan saƙon da ke sama, ko ɗaya daga cikin ukun ya yi?" Babu ƙorafi, babu "na ga kin karanta". Idan Talata ta wuce babu amsa, tuni na gaba zai cire lokacin da ya wuce ya sa sabo, don jerin ya ci gaba da zama mai amfani. Bayan tuni biyu, ka canja hanya: kira, ko sakatare, ko wanda ya haɗa ku tun farko.

Wani shirun kuma daga hanyar saƙon yake. Akwai dattawa da 'yan kasuwa da ba sa karanta dogon rubutu a waya, saƙon murya suke saurara. Ga irinsu ka faɗi abu ɗaya da baki cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, lokuta biyu maimakon uku don kunne ba ya riƙe jeri kamar ido, sannan ka biyo da ranakun a rubuce don yaron shago ko ɗansa ya iya duba masa. Idan imel ne, taken saƙon shi ake gani kafin a buɗe, don haka ka zuba buƙatar a layin `Subject`: "Neman ganawa ta minti 30 kan ɗaga biyan lamuni, 14, 16 ko 22 ga Oktoba".

16. Ta ce "na biyu". Sai me?

Ka mayar da amsa nan take, kana maimaita komai a layi ɗaya: "Na gode Hajiya. Alhamis 16 ga Oktoba, ƙarfe 2:30 na rana, a ofishinki, ni da shugaba." Maimaitawar ita ke kama kuskure idan ita na uku take nufi ta rubuta na biyu, kuma ita ce layin da za ta nemo a waya ranar zaman. Sannan ka sanar da shugaba, ka saki sauran lokuta biyun da kuka riƙe.

Da yammacin Laraba ka tura tuni gajere da ba ya neman amsa: "Muna tafe gobe ƙarfe 2:30 in sha Allah." Kada ka rubuta shi da sigar tambaya, irin "zaman gobe yana nan kuwa?", domin ka sake buɗe abin da aka rufe. Idan kuma larura ta gaske ta hana ku zuwa, ka sanar da zarar ka sani, ka ba da haƙuri a jimla ɗaya, ka kuma sa sabbin lokuta biyu a cikin wannan saƙon, bisa ƙa'idojin da ke tambaya ta 5 da ta 7.